Tayil ɗin da na farfasa a Jidda

A bara ne kawuna ya damƙa mini kula da gyaran banɗakin saman bene a gidansa da ke Jidda. Mai aikin famfo, wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka, ya gama haɗa bututun ruwa ranar Lahadi, ya ce a jira a gwada su. Shi kuwa mai tayil ya shaida mini cewa in bai fara ranar Litinin ba, sai bayan mako biyu zai samu sarari. Na ce ya fara, duk da dattijon ya ce mini, "Ɗana, aikina bai ƙare ba sai ruwa ya shaida."

Bayan mako uku sai danshi ya bayyana a rufin ɗakin da ke ƙasa, da fari kamar faɗin tafin hannu, daga baya fentin ya kumbura ya fara ɓarewa. Da muka farfasa tayil ɗin, muka tarar da mahaɗar bututu guda ɗaya tana yoyon ruwa. Kwana biyun gwajin da na ga kamar na tsira da su, kwana tara na biya a madadinsu, ban da kuɗin sabon tayil.

A karo na biyu na zauna da dattijon muka rubuta ayyukan, kuma a gaban kowanne muka sa abin da dole ya kammala kafin a taɓa shi. Ana toshe bakunan bututu, a tura ruwa da ƙarfi, a zuba wa ma'aunin ƙarfin ruwan ido; in allurarsa ta sauka, akwai yoyo. Sai an tsallake wannan ake shafa maganin hana ruwa ratsa ƙasa, shafi biyu, na biyun bayan na farkon ya bushe. Daga nan a toshe magudana, a tara ruwa kamar santimita 5, a bar shi awa 48 ana leƙa rufin ƙasa. Daɓe da tayil ne ke zuwa ƙarshe, domin su ne ke binne duk abin da ya gabace su, kuma abin da aka binne ba ya gyaruwa sai da guduma.

Abin da ban gane ba da farko shi ne jiran iri biyu ne. Jiran gwaji da bushewa yana cikin jikin aikin, ko ma'aikata goma na ƙara ba za su rage awa 48 ɗin nan ba. Jiran mai tayil kuwa matsalar mutum ce, da na nemi wani ko na haƙura da makon biyun, da ba a yi ɓarna ba. A kwanakin da ruwa ke kwance a banɗakin, na tura mai fenti falo, kafinta kuma ya sa ƙofofin ɗakuna, tunda babu ɗayansu da ke jiran bututu. Rufin ɗakin ƙasa kaɗai na hana a yi wa fenti, sai da danshinsa ya bushe sarai.