Sifilin da ya ɓace a zanen shaf ɗin injin niƙa

Ina koyon aiki a wani shagon sassaƙa ƙarfe a Kano lokacin da wani mai harhaɗa injinan niƙa ya kawo mana aikin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, guda goma sha biyu, tare da zanen da wani injiniya ya yi masa a kwamfuta. A shagonmu aikin ɗan koyo ne ya karɓi zane, ya fitar da tsawon ƙarfen da za a yanka da zarto, sannan ya kwafe duk awon da ke ciki a kan ƙaramar takardar da ake liƙawa a jikin injin sassaƙa, domin kada asalin zanen ya sha mai da giris. Wajen wannan kwafar ne na tsaya a kan wani layi da aka rubuta a gurbin da boris zai zauna:

`Ø30 k6 (+0.15 / +0.02)`

Ma'anar layin a fili ita ce kaurin shaf a wannan gurbi milimita 30 ne, kuma an yarda ya kasance tsakanin 30.02 da 30.15. Babu injin da ke fitar da awo cif, saboda haka kowane zane mai kyau yana ba da iyakar sama da ta ƙasa, kuma abin da ke tsakaninsu shi ne tazarar da aka bar wa mai sassaƙa. Abin da ya tsayar da ni shi ne faɗin wannan tazara, wato 0.13 na milimita. Maigidanmu bai taɓa yarda a auna gurbin boris da ma'aunin baniya ba, sai da maikuromita, saboda baniyarmu ba ta karanta abin da bai kai 0.02 ba. Amma tazarar 0.13 ko da baniya ana iya riƙe ta cikin sauƙi, kuma ban taɓa ganin gurbin boris mai sauƙi haka ba.

Na ɗauko jadawalin ISO 286 da ke rataye a bango, wanda ke fassara irin waɗannan haruffa zuwa lambobi. Harafin k yana nuna inda tazarar ta faɗa idan aka kwatanta da awon asali, lamba 6 kuma tana nuna faɗinta. Ga shaf mai kaurin da ya haura milimita 18 har zuwa 30, k6 yana nufin +0.015 a sama da +0.002 a ƙasa, wato tsakanin 30.002 da 30.015. Lambobin su ne dai na cikin zanen, sai dai an rasa sifili ɗaya bayan ɗigo a kowannensu, sai komai ya ninku sau goma. Harafin yana faɗin abu ɗaya, lambobin da ke gefensa suna faɗin wani, kuma mai sassaƙa lambobi yake bi, domin su ne yake gani a jikin maikuromita.

Da na kai wa maigida takardar, na ce: "Maigida, a duba mini wannan, harafin da lambar ba su jitu ba." Bai ce na yi daidai ba, bai kuma ce na yi kuskure ba, sai ya tambaye ni wane boris ne zai hau gurbin, kuma wanne daga cikin zobban boris ɗin ne zai riƙa juyawa, na ciki ko na waje. Jerin kayan da ke kusurwar zanen ya nuna 6206, wanda raminsa milimita 30 ne, faɗinsa na waje 62, kaurinsa 16. Ya sa na yi lissafin a gabansa. Ramin irin wannan boris yana fitowa daga masana'anta tsakanin 29.990 da 30.000. Da k6 na gaskiya, shaf zai fi ramin girma da abin da ya kama daga 0.002 zuwa 0.025, kuma wannan matsi ne ake so, tunda shaf ne ke juyawa tare da zoben ciki yayin da bel yake jan fuli ta gefe guda. Idan babu matsin, zoben zai riƙa zamewa a hankali yana cin shaf. Da lambobin zanen kuwa, mai sassaƙa da ya nufi tsakiyar tazara kamar yadda aka saba zai tsaya wajen 30.085, matsin kuma zai kai 0.085 zuwa 0.095.

A nan ne na gane dalilin tambayarsa. A cikin boris akwai ɗan sarari tsakanin ƙwallaye da zobba, kuma a 6206 na yau da kullum bai wuce 0.005 zuwa 0.020 ba. Idan aka cusa zoben ciki a kan shaf da ya fi shi girma, zoben yana buɗewa, kuma mafi yawan matsin yana cinye wannan sarari. Matsin da ya kusa 0.09 ya ninka duk sararin da ke akwai fiye da sau huɗu. Boris ɗin ba zai shiga ba sai da guduma ko da wuta mai yawa, idan kuma ya shiga zai yi tauri a hannu, ya yi zafi cikin ɗan lokaci da tayar da inji, giris ya narke ya fita, wani lokaci ma zoben ciki ya tsage, domin ƙarfen boris mai tauri ne, bai iya miƙewa ba.

Gaskiya ne cewa shaf da ya yi kauri ana iya mayar da shi kan inji a rage, ba kamar wanda ya yi siriri ba, wanda sai an cike shi da walda ko a jefar. Sai dai wannan kuskure ba zai nuna kansa a shagonmu ba, domin duk shaf ɗin za su ci awo daidai da zane. Sai a wurin mai harhaɗawa zai fito, kuma a can yaran aiki guduma za su ɗauko, a lalata boris ashirin da huɗu, sannan a ce ko boris ɗin ne jabu ko mu ne ba mu iya aiki ba.

Ni a ganina a lokacin sai mu ƙara sifilin da biro mu ci gaba, tunda amsar a fili take. Maigida ya ƙi, kuma dalilinsa na ci gaba da aiki da shi. Zane yarjejeniya ce tsakanin wanda ya tsara da wanda zai ƙera, kuma idan layi ɗaya ya faɗi abu biyu, mai ƙira ba shi da ikon zaɓar wanda ya ga dama, ko da ya tabbata. Mai yiwuwa ne harafin ne aka rubuta ba daidai ba, ko an canza boris ba a gyara jerin kaya ba. Ya kira injiniyan a waya, wanda ya duba ya ce da hannu ya buga lambobin yana kwafa daga tsohon zane, ya turo sabo mai alamar gyara da kwanan wata. Maigida ya ja layi a kan tsohon, ya ajiye shi a durowa don kada wani ya ɗauko shi bisa kuskure.

Sabon awon ya canza yadda aka yi aikin. Tazarar 0.013 ba ta fitowa da yanka ɗaya, don haka aka sassaƙa kowane shaf zuwa wajen 30.3, aka bar shi ya huce, sannan aka yi yankan ƙarshe a hankali ana aunawa a wuri biyu da kusurwa biyu. Hucewar tana da muhimmanci, domin shaf mai milimita 30 da ya fi maikuromita zafi da digiri 30 yana ƙaruwa da kusan 0.010, wanda ya kusa cinye tazarar gaba ɗaya. An kuma bar ramukan tsakiya a ƙarshen kowane shaf domin a iya mayar da shi kan inji idan buƙata ta taso.

Tun daga wannan aiki, duk zanen da ya zo hannuna nakan fara da wuraren da ƙarfe biyu za su haɗu, in nemo awon abokin haɗin, in cire ƙarami daga babba a iyaka biyun, in ga ko matsi ne ko sarari ya fito, sannan in duba ko ya dace da aikin da wurin zai yi. Shaf ɗin farko da muka gama ya nuna 30.01 a maikuromita, maigida ya ɗumama boris a cikin mai, ya zura shi da hannu har ya zauna a kafaɗar shaf, da ya huce kuma zoben waje ya juya ba tare da tauri ba.