Tsagar Hajiya ba tabo ba ce

A Hamburg cikin Disamba, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, kuma a lokacin ne bangon ɗaki yake fara yi wa mutum faɗi. Sai ka ce bari a turo maka hoton tsohuwa daga Sabon Birni, ka mayar da shi kamar zanen fenti, ka rataye. Abin da zai iso ta WhatsApp kuwa, hoton hoto ne: an ajiye shi kan tabarma, an ɗauka a karkace, hasken filas ya zauna a goshinta.

Mu yi lissafi. Asalin hoton santimita 9 a 13 ne. Da ka yanke tabarma da yatsan mai riƙewa, abin da ya rage bai wuce fiksel 600 a 850 ba, fuskar ma ba ta kai 150 ba. Bugu mai santimita 30 a 40 a kan kyalle yana son aƙalla 150 dpi, ma'ana ɗigo 150 a kowane inci, wato fiksel 1772 a 2362. Ninki uku ke nan. Da an sa takardar a sikana a 600 dpi, da ta ba da 2126 a 3071, babu ma zancen ƙara girma. Saboda haka aikin farko roƙo ne: a kai shagon kwafi a yi sikanin, in babu a ɗauka kusa da taga da rana, ba filas, waya daidai saman hoton, a turo a matsayin Document don kada manhajar ta matse shi. Za a ce maka "to, insha Allahu", a yi wata biyu. Mutanen gida suna ganin wanda ke Turai ba ya rasa na'urar gyara komai.

In dole da ƙaramin za ka yi aiki, wanki kafin guga. Matsewar JPEG tana barin ƙananan murabba'ai na fiksel 8 a 8, kuma manhajar ƙara girma tana ɗaukarsu tamkar saƙar tufa ta ƙawata su. Buɗe hoton a manhajar gyaran hoto ta GIMP, ka adana kwafi a PNG, tsarin da ba ya ɓata hoto wurin matsewa, ka daidaita karkatar, ka rage ƙura-ƙuran kaɗan, sannan ka bi layin naɗewa da tabon ruwa da Heal, kayan shafe tabo na GIMP, da burushi wanda bai fi faɗin tabon da yawa ba. Ja-jan da tsofaffin hotuna ke yi, a Levels, wurin daidaita haske da launi, ake gyara shi. Sai ka kai Upscayl, manhajar ƙara girma ce ta kyauta, ka ninka sau huɗu, ka rage zuwa faɗin fiksel 1800. Ragewar tana ɓoye wasu ƙarairayin da na'urar ta ƙirƙira.

Inda ake kuka shi ne fuska. Kayan gyaran fuska irin su GFPGAN da CodeFormer ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba, cike gurbi suke da fuskokin da suka koya. Tsagar Gobirawa da ke kumatun Hajiya, a wurinsu kartar takarda ce, sai su shafe ta. Fata ta yi sumul kamar roba, wani lokaci ta ƙara haske, kwalli ya ɓace, wushirya ta toshe. Ka tura gida da alfahari, Yaya ta amso da murya: "Wannan kuma matar waye?" Kunyar nan ta fi sanyin ƙasar ciwo, don ba ka da wanda za ka nuna wa a nan ya gane abin da aka rasa. Maƙwabci zai ce hoton ya yi kyau.

Maganin ba wuya. A CodeFormer, ɗaga ma'aunin kamanni, `-w`, daga 0.5 zuwa 0.8 ko sama, ya fi riƙe kamannin asali. Sannan a GIMP ɗora gyararriyar fuskar a kan wadda aka ƙara wa girma kawai, ka rage ƙarfinta zuwa kashi 40 cikin ɗari, ka goge ta gaba ɗaya a kan kumatu don tsagar ta fito daga ƙasa. Ƙirga layukan a asali, ƙirga a gyararre. Duba kunne da 'yan kunne da bakin kallabi, nan ne ƙarya ke fara bayyana. In hoton Malam ne, duba aikin hula da askar babbar riga, sukan narke su zama tsutsotsi.

Sai bayan haka salon fenti, shi ma da sauƙi-sauƙi, don salon yana kumbura duk abin da ya tarar: tabon da ka bari zai zama shafen burushi mai kauri, siririyar tsaga kuma ta nutse. Ƙarfafa shi a tufafi da bango, ka sassauta a fuska. Kafin ka biya kuɗin babban bugu, buga fuskar kaɗai a takarda mai santimita 10 a 15, ka ɗauka ka tura wa Yaya. Ita ta yi wa Hajiya kitso shekara da shekaru, ta san layi nawa ne a kowane kunci.