Kada ku kira shi romon kifi

Ƙannena masu sha'awar fassara, bari in ba ku labarin kifin da na sa aka ɓata. Wata abokiyar karatuna 'yar kudancin Biyetnam ta rubuta mini yadda ake girka cá kho tộ, kifin da suke dafawa a tukunyar ƙasa, ni kuwa na mayar wa yayata da shi Hausa. Takardar ta ce rabin kilo na kifi, cokali 3 na nước mắm. Na rubuta "romon kifi". Yaya ta ga cokali uku na romo ba su kai komai ba, ta tafasa kan tarwaɗa ta zuba ludayi biyu. Abincin ya fito salam, babu gishiri.

Nước mắm ba romo ba ne. Ƙananan kifayen teku ake jerawa da gishiri, kusan kashi uku na kifi da kashi ɗaya na gishiri, a bar su cikin manyan gangunan katako wajen shekara guda, kamar yadda ake yi a tsibirin Phú Quốc, sannan a tace ruwan. Shi ne gishirin girkin, shi ne kuma ɗanɗanonsa. Daddawa ta yi kusa da shi a wajen aiki, amma ita ba ta ɗauke da gishiri irin nasa. Yanzu sunansa nake bari, in bi shi da bayani: tataccen ruwan kifi mai gishiri, a auna da cokali.

Kalmar kho ta fi ba ni wuya. Na sa "dafa", alhali tana nufin a bar kifi a wuta kaɗan-kaɗan, cikin ruwa kaɗan, har ruwan ya ƙone ya yi kauri ya manne a jikinsa, wajen minti 30 zuwa 40. In ka karkata tukunya ka ga ruwa yana gudu, da saura. Shi kuma nước màu na fassara shi "ruwan kala", kalma da kalma, ashe sukari ne ake narkarwa a wuta har ya yi launin zuma mai duhu. Ya wuce haka, sai ɗaci.

Wajen awo, ku fara tambayar daga ina mai rubutun ta fito. A kudu chén kwanon cin shinkafa ne, a arewa kuwa ɗan kofin shayi ne, kwanon suna ce masa bát. Lạng giram 100 ne, muỗng canh babban cokali. Ku sa mai girkin ta cika kwanonta da ruwa ta auna muku, ku rubuta adadin.

Ganyen húng quế ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne, amma ƙamshinsu ya bambanta, kuma ɗanye ake tsinka shi a kan abinci. Ku faɗi wannan a fili, don Yaya cikin tukunya za ta jefa shi.