Saƙon neman aiki ga tsohon abokin karatu

A watannin farko na zuwana ƙasar nan, takardun neman aikin da na tura sun tafi ba amo ba labari. Waɗanda suka riga ni zuwa ne suka nuna mini cewa takardar da ma'aikacin kamfani ya gabatar ta fi samun mai dubawa. Da na duba LinkedIn, sai ga wani da muka yi jami'a tare yana aiki a inda nake hari. Rabonmu da magana ya haura shekara goma.

Wuyar abin ita ce ya tuna da ni. Lambar wayata sabuwa ce, sunan da ke kan fasfo ba shi ake kirana da shi a aji ba, fuska ma ta sauya. Mutumin da ya daɗe a waje kuwa ya sha ganin saƙon 'yan damfara masu cewa "ka gane ni?" Wannan tambayar nauyi take ɗora wa mutum: ko ya ji kunyar cewa a'a, ko ya yi shiru. Shirun ya fi masa sauƙi. Haka ma sallama tsura a tsaya jiran amsa.

Shi ya sa na haɗa komai a saƙo guda:

"Salamu alaikum, mutumina. Ni ne wanda kuke kira Dogo, sashen lissafin kuɗi, mun gama a 2013. Rukuninmu ɗaya a aikin binciken shekarar ƙarshe, ni na riƙa buga takardun. Yanzu ina ƙasar nan, kuma ina da izinin aiki. Na ga kamfaninku na neman akawu. In da hali, minti goma nake so a waya, in ji me suka fi dubawa. In ba dama, ba komai wallahi."

Aikin binciken nan shi ne ƙashin bayan saƙon, domin abu ne da mu kaɗai muka sani, ɗan damfara ba zai tsinto shi a intanet ba. Izinin aiki kuma shi ne farkon abin da zai so ya sani, amma yana iya jin nauyin tambaya. Ban ce ya samo mini aiki ba, tunda ba shi ke ɗauka ba. Ban kuma liƙa takardar tarihin aikina ba sai da ya nema.

Daga amsa ake gane ko an tuna. "Allah sarki, kwana biyu" kawai ladabi ne, sai a ƙara wata shaida kafin a zarce. Shi kuwa tambayata ya yi ina sauran 'yan rukuninmu, ya ambaci sunayen biyu. Bayan mun yi waya, ya shigar da sunana ta tsarin gabatarwa na kamfanin, ya kuma ce in sake rubuta takarduna daidai da kalmomin tallar gurbin.