Hutun Mauludin da ya kafe mu a hanyar Baturiya

Har yau idan aka ambaci Baturiya, dajin fadamar tsuntsaye da ke kusa da Haɗeja, a ɗakin malamai sai wani ya yi gyaran murya, saura su kwashe da dariya. Ni ne na kwashi ɗalibai goma sha takwas daga ƙauyenmu a ƙasar Gaya, da kuɗin da iyayensu suka haɗa, na ce zan kai su su ga tsuntsayen da ke tasowa daga Turai. Muka dawo da taɓo har gwiwa da cizon sauro, ba mu ko taka bakin dajin ba.

Wani abokin aikina ne ya kwaɗaita mini wurin. Ya nuna mini hotuna a wayarsa, ruwa shimfiɗe, tsuntsu kamar an watsa gero, ga motarsu a tsaye dab da bakin ruwa a kan busasshiyar ƙasa. Na ce yaushe kuka je? Ya ce hutun Mauludi. Shi ke nan tambayar da na yi. Ban ce wace shekara ba.

Ashe a 2017 ya je, lokacin da hutun Mauludi ya faɗo 1 ga Disamba. Ni kuwa na ɗauki yara a 2023, hutun ya faɗo 27 ga Satumba. Kowa ya san watan Musulunci yana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, ni ma ina koyar da haka a aji, amma ban zauna na lissafa ba. Shekara shida ta ba da wata biyu da 'yan kwanaki. Shi ya je a farkon hunturu, ni na je a wutsiyar damina, kuma dukanmu "hutun Mauludi" muke cewa. Damina da hunturu rana suke bi, ba ruwansu da tsayuwar wata.

Kada a ce ban duba sama ba, na duba. Marka ta wuce tun Agusta, mun yi kwana goma ba ɗigon ruwa a garinmu, an fara yankan gero, raɓa tana sauka da asuba. Hasashen da ke wayata ya nuna rana tar a Haɗeja mako guda cur. Kuma gaskiya ya faɗa, ko gajimare ba mu gani ba ranar. Kwalta ta kai mu ta Jahun da Kafin Hausa har Haɗeja lafiya lau. Da muka sauka daga kwalta muka kama hanyar ƙasa, ba mu yi nisa ba direba ya fara tsaki. Saman hanyar ya bushe har ya tsattsage, ƙasansa kuwa laka ce kamar kunu. Bas ta nutse har gindin ƙofa.

Awa huɗu muka yi a wurin. Sai da aka kwanto shanu biyu daga amalanke, samarin ƙauyen suka sa kafaɗa, sannan ta fito, salansa a hannun yaron mota. Kuɗin abincin rana na yara ya tafi a sallamar masu turi, gyaran mota kuma daga albashina.

Muna zaune a gindin wata tsamiya wani dattijo masunci ya tsaya da gorarsa, ya dube mu, ya ce, "Malam, ina zuwa haka da yara a wannan lokaci?"

Na ce, "Baba, tsuntsaye muka zo gani. Ai na ga ruwa ya ɗauke."

Ya ce, "Na sama ya ɗauke. Namu yanzu yake isowa, daga wajenku ma yake zuwa."

Wannan maganar ta fi kafewar motar yi mini ciwo, domin kogin da yake nufi shi ne wanda nake tsallakawa a gadar Wudil duk ranar da zan shiga Kano. Ruwan da ya sauka a kudancin Kano a watan Agusta yana taruwa a kogin Kano da na Challawa, inda aka yi madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Su haɗe, su bi ta Wudil da Ringim su nufi Haɗeja. Can ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya gudu, sai ya bazu cikin fadamu yana tafiya a hankali, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa da yawa. Shi ya sa cikar fadama take biyo bayan marka da makonni. Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin da mu na tudu muke cewa damina ta ƙare, su a lokacin ruwa yake kan ganiyarsa. Wayata ruwan da zai zubo a kan Haɗeja take faɗa, ba ta san wanda ke tahowa ta ƙasa ba.

Ko da mun isa ma, da kunya za mu sha. Kirinjijiya da ɗinya da balbela da zalɓe 'yan gida ne, kusan kullum suna nan, sai dai idan ruwa ya yi yawa suna warwatse cikin ciyawa mai tsayi. Baƙin da na yi wa yara alkawari kuwa, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa masu gudun sanyin Turai, sai wajen Oktoba da Nuwamba suke cika wurin, su juya wajen Maris.

Na koma ni kaɗai a makon farko na Disamba, don zuciyata ta ƙi kwanciya. Wannan karon ban tambayi waya ba. Na sa wani ɗan'uwa a Haɗeja ya je tashar 'yan acaɓa ya tambayi kuɗin zuwa Baturiya, da kuma ko ana sauka a hau kwalekwale a hanya. Idan kuɗin ya ninka, ko suna ta yi maka kwana-kwana, to hanya ba ta bushe ba. Na ce ya kuma tambaya ko motocin ɗaukar shinkafa sun fara shiga, don inda mota mai buhu ta wuce bas ma za ta wuce. Duka amsoshin suka yi daɗi. Na bi ta gindin tsamiyar nan, na ga hanya ta yi tauri kamar daɓe, ga zanen da ruwa ya bari a jikin itatuwan gefen fadama, wani ya kai ƙuguna. Da hantsi ina tsaye bakin ruwa wani garke ya tashi gaba ɗaya, ƙarar fukafukansu kamar an yaye kwanon rufi.

A ganina daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ya fi. Hanya ta bushe, ruwa bai janye da nisa ba, baƙi sun iso, hazo kuma bai yi kauri ba tukuna. Janairu tsuntsu ya fi yawa, amma caca ce: ranar da hazo ya sauka sai ka ga rana fara fat kamar faranti, abin da ke tsallaken ruwa ya zama inuwa, ga sanyin asuba a kan yara marasa rigar sanyi. Fabrairu ma ba laifi, ruwa ya ragu tsuntsaye sun taru a 'yan tafkunan da suka saura. Daga Maris kuwa zafi ya kama hanyar digiri 40, baƙi suna haɗa kaya. Shekarar da aka yi ambaliya irin ta 2022, sai a ƙara makonni a kan duk wannan lissafi.

Yaran dai na mayar da su a Fabrairu, rabin kuɗin motar daga aljihuna, don ban da idon da zan sake kallon iyayensu da maganar karo-karo. Uku daga ciki iyayensu suka hana, kuma ban ga laifinsu ba.