Yadda ake fitar da karosel, gajeren bayani da bidiyo daga maƙala ɗaya

Kuskuren da ya fi cin masu farawa shi ne su ɗauki maƙalar kamfanin ba da shawara mai kalma 1,500 su yanyanka ta sakin layi bayan sakin layi, kowane yanki shafi guda na karosel, wato jerin hotunan da ake ja da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ita maƙala a hankali take gina hujja, sai can ƙasa ta faɗi abin da take nufi, mai jan waya da yatsa kuwa ba zai jira ba.

Kafin ka taɓa zane, rubuta jimla ɗaya da maƙalar ke son tabbatarwa. A ce ta yi magana ne kan dalilin da ke sa kamfani mai cin riba ya rasa kuɗi a hannu. Jimlar ita ce: abokan ciniki na biya bayan kwana 60, masu kawo kaya na karɓar nasu a kwana 30, gibin kwana 30 ɗin nan ne ke shaƙe kamfani. Duk abin da bai taimaki wannan jimla ba, bar shi a cikin maƙala, ko da kuwa shi ya fi burge ka.

Karosel ɗin shafi takwas ya isa. Na farko ya ɗauki matsalar a kalmomi kaɗan: "Kana cin riba, amma albashi ya gagara?" Na biyu da na uku su nuna gibin da lambobinsa, huɗu zuwa bakwai kowanne mafita ɗaya, kamar karɓar kafin alƙalami ko tura takardar neman biya ranar da aka gama aiki. Na takwas ya nemi abu ɗaya tak daga mai karatu. Kada shafi ya wuce kalma 25. Girman pixel 1080 a faɗi da 1350 a tsayi ya dace da Instagram, LinkedIn kuma PDF ake ɗora masa. Duba shi a waya kafin ka saki. In sai ka buɗa hoton da yatsu biyu kake iya karantawa, rubutu ya yi yawa.

Bayanin ƙasan hoto kada ya maimaita shafin farko. Instagram kan datse shi wajen harafi 125, don haka sa lambar 60 da 30 a layin farko, gaisuwa ba ta da gurbi a nan.

Bidiyo ne ya fi wahala, domin jimlar da ta yi daɗi a ido kan sarƙe a baki. Minti ɗaya bai ɗaukar fiye da kalma 140 ko kusa da haka. Raba takarda gida biyu: hagu abin da za a faɗa, dama abin da za a gani. Karanta da ƙarfi kana duba agogo, inda numfashi ya ƙare maka ka raba jimlar.

Sannan ka kiyaye sharaɗin da maƙalar ta gindaya. In ta ce dabarar na aiki ga masu sayarwa bashi kawai, wannan sharaɗi ya bi kowane yanki, in ba haka ba kamfanin ba da shawarar ya yi alƙawarin da bai yi niyya ba.