Layin Fibonacci da na ja a kan ƙaramin zango ya cinye mini dala 150

Duk wanda ya yi mako ɗaya yana kallon jadawalin farashi ya iya jan layukan Fibonacci, wato layukan da ke nuna inda ake sa ran farashi zai tsaya idan ya ja da baya bayan ya yi tafiya. Ka danna Fib Retracement a TradingView, ka taɓa kwari, inda farashi ya sauka ya juya, ka ja zuwa tudu, inda ya hau ya juya, layukan 23.6 da 38.2 da 50 da 61.8 da 78.6 su fito da kansu. Abin da ba a gaya mana a ajin da na shiga nan Gombe shi ne a wane kwari za ka ɗora yatsanka, alhali jadawali ɗaya yana ɗauke da kwaruruka barkatai. Wannan zaɓin ne ya cinye mini rubu'in jarina a yini guda, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Zinare nake yi, XAUUSD, wato farashinsa a dala. Na zagaye alƙaluman don lissafi ya yi sauƙi. Farashi ya taso daga 2,300, ya keta wani tsohon tudu da ya daɗe yana tare shi a wajen 2,360, ya ɗan huta, ya sauko 2,370 daga sama kaɗan, sannan ya yi wani tsalle na ƙarshe zuwa 2,400. Ke nan akwai zango biyu a gabana: babba daga 2,300 zuwa 2,400, mai tsawon dala 100, da ƙarami daga 2,370 zuwa 2,400, mai tsawon dala 30. Ni kuwa a waya nake kallo, a kan M15, jadawalin da kowane kyandir, wato sandar farashi, yake minti goma sha biyar, ina zaune a shago a Jekadafari tsakanin masu sayen caja. Fuskar wayar ba ta nuna mini komai sai ƙaramin.

Lissafin da manhajar take yi idan farashi na hawa shi ne:

```
level = high - (high - low) * ratio
```

A ƙaramin zangon, 61.8, wato ratio 0.618, ya faɗo a 2,381.5. Farashi ya sauko nan, na saya da lot 0.10, na ajiye Stop Loss, wato tsaron da ke rufe ciniki da kansa idan farashi ya kai wurin, a 2,366.5, ƙasa da kwarin da na ɗora layin a kai. A wajen yawancin dillalai lot ɗaya na zinare oza 100 ne, don haka 0.10 oza 10 ne, kowace dala ɗaya da farashi ya motsa dala 10 ce a aljihuna. Kafin la'asar farashi ya ratsa 78.6, ya ratsa 2,370 kamar babu komai a wurin, ya ɗauke ni. Dala 150 daga cikin 600. Bai tsaya ba sai wajen 2,361, ya kwana a nan, daga baya ya juya ya wuce 2,400.

Da daddare na kai maganar wurin wani yayana da ya riga ni shiga harkar, yana zaune a Pantami. Bai ce komai ba sai da ya buɗe H4, jadawalin sa'a huɗu-huɗu, a kwamfutarsa, ya ja layi daga 2,300 zuwa 2,400. Layin 38.2 ya sauka a 2,361.8, daidai kan tsohon tudun nan na 2,360. Ya ce, "Ƙanina, kai ka auna dawowar tsalle ɗaya, kasuwa kuwa tafiyar gaba ɗaya take dawowa a kai." Na ce, "To Yaya, ta ina zan gane kafin abin ya faru?" Ya ce in nuna masa abin da zangona ya karya. Na duba, bai karya komai ba sai wani ɗan tudu na sa'o'i kaɗan. Babban kuwa shi ne ya fasa 2,360.

Wannan ita ce tambayar da nake fara yi yanzu. Ina neman tudun da aka keta wanda ake gani a H4 ba tare da na ƙura ido ba, sai in koma baya in nemo kwari mafi zurfi da tafiyar da ta keta shi ta faro daga gare shi. Nan nake ɗora yatsa. Idan sai na buɗa jadawalin sosai kafin in ga kwarin, ba nawa ba ne. Dalilin a fili yake: layukan nan ba su da wani ƙarfi na kansu, 50 ma ba ya cikin lissafin jerin Fibonacci, 'yan kasuwa ne suka saka shi. Idan suna da tasiri, to don mutane da yawa suna kallon wuri ɗaya ne, kuma masu manyan kuɗi ba zangon M15 na shagona suke kallo ba.

Akwai wani abu kuma da ban lura da shi ba sai da na yi lissafi da biro. A zango mai dala 30, tazarar 38.2 da 50 dala uku da rabi ce kacal. Zinare yana iya cin wannan a kyandir ɗaya na minti goma sha biyar. Layuka biyar cunkushe a ɗan wuri haka, duk inda farashi ya tsaya za ka ce ai ya girmama Fibonacci. A zango mai dala 100 tazarar ta kusa dala 12, don haka tsayawa a kan layi tana nufin wani abu, musamman idan layin ya haɗu da tsohon tudu. Shi ya sa ban ƙara shiga don layi shi kaɗai ba, sai na ga ya dace da wurin da farashi ya taɓa juyawa.

Tudun ma sai ya tabbata. Ranar nan na yi sa'a 2,400 ya tsaya a matsayin tudu, amma sau da yawa mutum zai ja layi, farashi ya ƙara hawa, duk layukan su gusa. Ina jiran kyandir biyu su rufe a bayan mafi tsayin ba tare da sun kai shi ba, wato ƙa'idar da Fractals na MetaTrader yake bi, biyu a hagu biyu a dama. ZigZag yana taimakawa wajen ganin manyan zanguna, sai dai ƙafarsa ta ƙarshe tana sauya wuri muddin farashi na tafiya, kada ka gina ciniki a kanta. Batun jan layi daga lagwani, wato siririn tsinin kyandir, ko daga jikinsa kuwa, mutane suna ta gardama a kai. Ni daga ƙarshen lagwani zuwa ƙarshen lagwani nake ja, kuma ba na sauyawa don layi ya faɗo inda nake so.

Abin da ya fi ɓata mini rai game da dala 150 ɗin nan shi ne dalilin da ya sa ƙaramin zangon ya burge ni tun farko. Yana ba ni damar ajiye Stop Loss kusa in ɗauki lot babba. Da babban na bi, shiga a 2,362 ne, tsaro kuma sai ƙasa da 61.8 da ke 2,338.2, a ce 2,335. Tazarar dala 27 ke nan. Da lot 0.10 asarar za ta kai dala 270, ko da ƙaramin lot na ƙarshe, 0.01, ma dala 27 ce, kashi huɗu da rabi cikin ɗari na jarina, ni kuwa yanzu ba na wuce kashi biyu. Wato cinikin da ya yi daidai ya fi ƙarfin asusuna, shi ne na je na nemo zangon da aljihuna zai iya ɗauka na kira shi nazari.

Yanzu da safe, kafin kasuwar Landan ta buɗe, ina jan zangon H4 a kwamfuta, in rubuta kwari da tudu da layuka uku na tsakiya a littafin shago, in lissafa lot daga tazarar tsaro. Idan lissafin ya ba ni ƙasa da 0.01, ranar ba na shiga zinare.